Idan Kason Magada Ya Zarce Dukiya: Fashin Baƙi Kan Tambayar Gado a Jarrabawa

Ta yaya ɗalibai biyu da suka haddace ayoyin gado iri ɗaya, suka san wa ke cin rabi da wa ke cin tumuni, za su zauna kan tambaya ɗaya amma kowa ya fito da amsarsa daban? Kuma me ya sa a wasu tambayoyin, idan aka tattara kason da aka yanka wa kowane magaji, sai a ga ya fi dukiyar da ake rabawa yawa? Wannan ta biyun ita ce ke yawan tayar da muhawara. Wani ya ce malamin da ya tsara tambayar ne ya yi kure, wani kuma ya wuce gona da iri ya ce lissafin kansa ne bai daidaita ba. Duka biyun ba haka ba ne. Matsalar tana da suna a fiƙihu, wato auli, tana da hanyar warwarewa tun zamanin sahabbai.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne, a tambayar gado lissafi ne abu na ƙarshe. Mafi yawan makin da ake asara, ana asarar sa ne kafin a rubuta lamba ko ɗaya. Bari mu ɗauki tambaya guda, mu bi ta daki-daki har a kai ga abin da kowa zai riƙa a hannunsa.

Ga tambayar

Wani mutum ya rasu ya bar dukiyar da ta kai 3,000,000. An kashe 70,000 wajen yi masa sutura, kuma ana bin sa bashin 500,000. Kafin rasuwarsa ya yi wasiyya a bai wa jikarsa 1,000,000, wato 'yar ɗansa da ya riga shi rasuwa. Ya bar matan aure biyu, 'ya'ya mata uku, mahaifinsa, mahaifiyarsa, wannan jikar tasa, 'yan'uwansa maza shaƙiƙai biyu, kakarsa ta wajen uwa, da wani agola da ya tashi a hannunsa. Magada ba su amince da wani ƙari a kan abin da shari'a ta yardar wa mai wasiyya ba. A bayyana wanda zai ci gado da wanda ba zai ci ba tare da dalili, sannan a fitar da rabon kowa.

Babu suna ko lamba a cikin wannan tambaya da aka saka don ado. Kowanne yana gwada wani babi ne na ilimin fara'ili, wato ilimin rabon gado.

Ba duk abin da mamaci ya bari ne gado ba

Ɗalibin da ya ga 3,000,000 ya shiga rabawa, ya faɗi tun a layin farko. Akwai haƙƙoƙin da ke gaban magada, kuma suna da jerinsu. Ana fara fitar da abin da za a yi wa mamaci sutura da shi gwargwadon abin da aka saba, ba ɓarna ba ƙwauro. Daga nan a biya bashi. Daga nan a zartar da wasiyya. Abin da ya saura shi ne gado. Idan a cikin dukiyar akwai abin da aka ba da jingina, Malikiyya suna gabatar da haƙƙin mai jinginar a kan suturar ma, Hambaliyya kuma suna fara wa da sutura, amma tambayarmu ba ta ƙunshi jingina ba.

Wani zai lura cewa a Suratun Nisa'i an ambaci wasiyya kafin bashi. Haka lafazin ya zo, amma malamai sun haɗu a kan cewa wajen zartarwa bashi ne a gaba, domin shi haƙƙi ne da ya wajaba a wuyan mamaci, ita kuwa wasiyya kyauta ce ta sa kai.

To, a cire 70,000 daga 3,000,000, saura 2,930,000. A cire bashin 500,000, saura 2,430,000. A nan tarkon farko yake. Wasiyya ba ta wuce sulusi, wato kashi ɗaya cikin uku, kamar yadda Annabi (SAW) ya iyakance wa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas lokacin da ya so ya yi wasiyya da mafi yawan dukiyarsa. Mai tsara tambayar ya zaɓi 1,000,000 da gangan, saboda ita ce daidai sulusin 3,000,000, don ɗalibi mai gaggawa ya ce ai ba ta wuce iyaka ba. Amma sulusin ana auna shi ne da abin da ya rage bayan sutura da bashi. Sulusin 2,430,000 kuwa 810,000 ne. Ragowar 190,000 ta dogara ga yardar magada, kuma tambaya ta riga ta faɗa mana ba su yarda ba.

Sai dai kafin a miƙa wa jikar ko da wannan 810,000 ɗin, akwai wata tambaya da ke jira. Hadisi ya ce babu wasiyya ga magaji. Shin ita magajiya ce? Ba za a iya amsa wannan ba sai an tantance magada. Saboda haka mai hankali yana ajiye maganar wasiyya a gefe na ɗan lokaci, ya je ya dawo.

Wa zai zauna a wajen rabo, wa zai tashi

Duk sunan dangantaka da ke cikin tambaya, ana nufin dangantakar mutum da mamaci ne. "Uwa" uwar mamaci ce, ba uwar 'ya'yansa ba, domin ita waccan sunanta matar aure a wannan lissafi. Abu ne ƙarami, amma yana rikita ɗalibai da yawa, musamman idan tambaya ta zo cikin dogon labari.

Mafi sauƙin cirewa shi ne agola. Sababan gado da ake aiki da su a irin wannan tambaya su ne jini da aure, shi kuwa ba shi da ko ɗaya da mamacin. Riƙo, komai daɗewarsa da komai ƙaunar da ke cikinsa, ba ya sa gado. Da mamacin ya so ya amfane shi, hanyarsa ita ce kyauta tun yana raye ko wasiyya.

Sauran kuwa duk suna da sababi, sai dai wasunsu an katange su. Wannan katangewa ita malamai ke kira hajabu, kuma iri biyu ce: akwai wadda ke hana mutum gado ɗungurungum, akwai wadda ke rage masa kaso kawai. Mutum shida ba a taɓa hana su ɗungurungum saboda samuwar wani magaji: miji, mata, uwa, uba, ɗa da 'ya. Shi ya sa nake ba da shawarar a fara ja musu layi a ƙarƙashin sunansu. A tambayarmu wannan ya tabbatar da matan biyu, 'ya'ya mata uku, uba da uwa.

Kaka ta wajen uwa ta faɗi saboda uwa tana raye. Ta hanyar uwa take sadar da dangantakarta da mamaci, kuma uwa tana katange kowace kaka mace, ta wajenta ko ta wajen uba. 'Yan'uwa shaƙiƙai biyu su ma sun faɗi saboda uba. A lura da kyau, ba 'ya'ya mata ne suka katange su ba. 'Ya mace ba ta hana ɗan'uwa shaƙiƙi gado, kuma ɗalibin da ya rubuta "an katange su saboda akwai 'ya'ya" ya sami hukunci daidai da dalili na kuskure, zai kuwa rasa makin dalilin.

Saura jika. 'Yar ɗa tana cikin magada na asali, amma rabonta yana ɗamfare da kason 'ya'ya mata. Iyakar abin da aka yanka wa 'ya'ya mata gaba ɗayansu shi ne sulusi biyu, wato 2/3. Idan 'ya'yan cikin mamaci sun kai biyu ko fiye, sun cinye wannan kason duka, babu abin da ya saura da za a cika wa jika da shi. Abin da zai iya dawo da ita shi ne a sami jika namiji ta wajen ɗa, a matakinta ko ƙasa da ita, wanda za ta shiga cin ragowa tare da shi. Babu shi a tambayarmu. Don haka ba ta gado.

Yanzu mu koma ga wasiyyar da muka ajiye. Tunda a ranar da kakanta ya rasu ita ba magajiya ba ce, wasiyyar da ya yi mata ta inganta, kuma za ta karɓi 810,000. Ɗalibai da yawa suna soke wannan wasiyya da zarar sun ga an yi ta ga jika, suna zaton "magaji" a hadisin yana nufin duk wani dangi. Yana nufin wanda zai ci gado a aikace ne. A cire 810,000 daga 2,430,000, abin da magada za su raba shi ne 1,620,000.

Kason kowa da dalilinsa

Kason da Alƙur'ani ya yanka guda shida ne: rabi, rubu'i, tumuni, sulusi biyu, sulusi da sudusi, wato 1/2, 1/4, 1/8, 2/3, 1/3 da 1/6. Suna cikin aya ta 11, ta 12 da ta 176 na Suratun Nisa'i. Masu cin waɗannan su ake kira ma'abota farali. Masu cin abin da ya saura bayansu kuma su ne asaba, bisa hadisin Ibn Abbas da ke cikin Buhari da Muslim, wanda ya yi umarni a isar da farillai ga ma'abotansu, abin da ya rage kuma na namiji ne mafi kusanci.

Matan aure suna da tumuni saboda mamaci ya bar 'ya'ya. Tumuni ɗaya ne su biyun za su raba daidai, ba kowace da nata tumunin ba, kuma haka abin yake ko da su huɗu ne. Ba a duba wadda ta haihu da wadda ba ta haihu ba, ba a duba uwargida ko amarya. 'Ya'ya mata uku suna da 2/3 saboda sun wuce ɗaya kuma babu ɗa namiji tare da su.

Uwa tana da sudusi, kuma a nan dalilai biyu ne suka haɗu: samuwar 'ya'ya, da samuwar 'yan'uwa biyu. Ya kamata a rubuta duka biyun, domin na biyun yana ɗauke da wata ƙa'ida mai muhimmanci. 'Yan'uwan nan uba ya katange su, ba za su sami komai ba, amma duk da haka a wajen jumhurin malamai samuwarsu tana sauko da uwa daga sulusi zuwa sudusi. Wanda aka katange saboda wani magaji yana iya taɓa rabon wani. Wannan ya bambanta da wanda aka hana gado saboda wata siffa tasa, kamar wanda ya kashe mamacin da gangan ko wanda addininsu ya saɓa. Shi ana ɗaukar sa kamar babu shi ne sam, ba ya ci, ba ya rage wa kowa.

Uba yana da hali uku, kuma wannan tambaya ta faɗa a na ukun. Idan akwai ɗa namiji ko jika namiji ta wajen ɗa, sudusi kawai yake da shi. Idan babu 'ya'ya ko kaɗan, asaba ne zalla. Idan kuwa 'ya'ya mata ne kaɗai, yana da sudusi, sannan idan wani abu ya saura ya haɗa da shi. Don haka a gaban sunansa ana rubuta sudusi da ragowa, ko da daga baya za a ga babu ragowar.

Asalin mas'ala, da inda lissafi ke zarce dukiya

Yanzu muna da 1/8, 2/3, 1/6 da 1/6. Ana neman lamba mafi ƙanƙanta da 8 da 3 da 6 duk za su raba ba tare da saura ba. Ita ce 24, kuma ita ake kira asalin mas'ala. Ma'anarta a ɗauka an yanka dukiyar gida 24, kowane gida sunansa sahami. Asalan da ake samu idan akwai ma'abota farali sanannu ne: 2, 3, 4, 6, 8, 12 da 24. Duk inda tumuni ya haɗu da sudusi ko sulusi biyu, asali 24 ne. Ɗalibin da ya ninka 8 da 6 ya sami 48 bai ɓata rabon kowa ba idan ya ci gaba daidai, amma ya kauce wa abin da ake nema, kuma mai duba takarda zai gane bai san asalan ba.

Tumunin 24 shi ne 3, na mata. Sulusi biyunsa 16, na 'ya'ya mata. Sudusinsa 4 na uba, wani 4 na uwa. A tara su: 3 da 16 da 4 da 4 sun ba da 27. Gidaje 24 muke da su, ana neman 27.

Idan aka gwada da kuɗin kai tsaye, abin ya fi fitowa fili. Tumunin 1,620,000 shi ne 202,500. Sulusi biyunsa 1,080,000. Sudusi biyu na iyaye 270,000 kowanne. Jimilla 1,822,500, wato an zarce abin da ke ƙasa da 202,500. A nan ne ɗalibi ke ruɗewa, ya fara ƙirƙirar mafita. Wani ya ba matan tumuninsu cikakke, sannan ya ɗauki 2/3 na abin da ya rage. Wani ya ba kowa nasa, ya bar uba da guntun da ya saura saboda ya ga an rubuta masa "ragowa". Duka biyun suna ɗora asarar a kan wanda sunansa ya zo ƙarshe a takarda, alhali sudusin uba farali ne kamar tumunin mata, babu wanda ayarsa ta fi ta wani ƙarfi.

Mafitar ita ce auli. A bar sahamin kowa yadda yake, a ɗaga asalin daga 24 zuwa 27. Maimakon a yanka dukiyar gida 24, sai a yanka ta gida 27. Kowane gida ya ɗan ƙanƙance, kuma ragin ya shafi kowa gwargwadon kasonsa. Kamar mutum ne ya mutu ana bin sa bashin da ya fi abin da ya bari: ba a biyan wanda ya riga zuwa a sallami na baya hannu wofi, kowane mai bin bashi ana rage masa ne daidai da girman bashinsa.

An ruwaito cewa Umar ɗan Haɗɗabi ne ya fara hukunci da auli bayan ya shawarci sahabbai, kuma a kan haka mazhabobin Malik, Abu Hanifa, Shafi'i da Ahmad suka tafi. Ibn Abbas ya saɓa. A ganinsa, magajin da ake saukowa da shi daga wani farali zuwa wani faralin, kamar mata da uwa, shi ake fara cika wa, ragin kuma ya faɗa kan waɗanda ke iya komawa cin ragowa, wato 'ya'ya mata da 'yan'uwa mata. Mazhabar Ja'afariyya ma ba ta aiki da auli. Hujjar jumhuri ta fi gamsar da ni, domin ayoyin sun ambaci kason kowa ba tare da sun ce a fara da wane ba, kuma raba ragin a kan kowa shi ne aiki da ayoyin duka a lokaci guda. A jarrabawa dai, idan ba a ambaci wata mazhaba daban ba, auli ake nema.

Wannan mas'alar ta mata, 'ya'ya mata da iyaye biyu ita ake kira Mimbariyya, saboda ruwayar da ke cewa an tambayi Aliyu ɗan Abi Ɗalib ita yana kan mimbari, ya amsa nan take cewa tumunin matar ya koma ɗaya cikin tara. Lissafi ya tabbatar: 3 cikin 27 daidai yake da 1/9.

Akwai hanyar gane kuskure a wannan mataki da ba ta ɗaukar minti guda. Asali uku ne kawai ke yin auli. Shida yana hawa zuwa 7, 8, 9 ko 10. Goma sha biyu yana hawa zuwa 13, 15 ko 17. Ashirin da huɗu kuwa sau ɗaya tak yake hawa, zuwa 27. Duk wanda ya ga 24 ɗinsa ta koma 28 ko 31, to ya yi kuskure a wani wuri, kamar barin wani katangagge a wajen rabo. Da a ce ɗalibi ya ba jika sudusi a tambayarmu, jimillarsa 31 za ta zama, kuma wannan lambar kaɗai ta isa ta mayar da shi baya.

Gyaran mas'ala don kada sahami ya karye

Da yawa suna tsayawa a 27 su ɗauka sun gama. Saura aiki. Mata biyu suna da sahami 3, kuma 3 ba ta rabuwa gida biyu sai da karaya. 'Ya'ya uku suna da 16, ita ma ba ta rabuwa gida uku. Ƙa'idar fannin ita ce kowane magaji ya fito da cikakkiyar lamba, kuma aikin da ke kai wa ga haka shi ake kira tashihi, wato gyaran mas'ala.

Ana duba kowace ƙungiya ne tsakanin sahaminta da yawan kawunanta. Tsakanin 3 da 2 babu wata lamba da ke raba su duka sai 1, don haka a ajiye 2. Tsakanin 16 da 3 ma haka, a ajiye 3. Sannan a kwatanta abin da aka ajiye. Tunda 2 da 3 su ma ba su da lambar da ta haɗa su, sai a ninka su, a sami 6. Da wannan 6 za a ninka komai. Ana ninka 27 ne, ba 24 ba, kuma nan ma wurin tuntuɓe ne. 27 sau 6 ya ba da 162.

Ba kullum ake ajiye yawan kawuna gaba ɗaya ba. Da 'ya'yan shida ne, 16 da 6 duk suna rabuwa da 2, sai a ajiye rabin kawunan, wato 3, amsar ta sake fitowa 162 maimakon a kumbura ta ba dalili.

Mata yanzu suna da 18, kowace 9. 'Ya'ya suna da 96, kowace 32. Uba 24, uwa 24. Jimilla 162. A raba 1,620,000 gida 162, kowane sahami ya tashi a 10,000. Saboda haka kowace mata tana da 90,000, kowace 'ya 320,000, uba 240,000, uwa 240,000. A tara: 180,000 na mata, 960,000 na 'ya'ya, 480,000 na iyaye, sun koma 1,620,000 cif. Uba bai sami ragowa ba, domin duk mas'alar da ta yi auli babu abin da ke saura wa asaba.

Wani zai yi mamakin cewa jikar da ba ta ci gado ba ta tashi da 810,000, fiye da ninki biyu na abin da kowace 'ya ta samu. Ƙofofin ne daban. Nata ya fito daga sulusin da shari'a ta bar wa mutum ya sarrafa da kansa, kuma jikokin da iyayensu suka riga rasuwa suna cikin waɗanda suka fi cancantar a tuna da su a wannan sulusi. Saboda irin halinsu ne dokar wasiyya ta Masar ta 1946 ta tanadi abin da ake kira wasiyya wajiba, wadda ke ba su wani rabo cikin sulusi ko da kakan bai yi wasiyyar ba. Wannan doka ce ta wasu ƙasashe, ba a shigar da ita a amsa sai tambaya ta nema.

Kalma ɗaya tana sauya amsar duka

Hanya mafi kyau ta gwada ko an fahimci tambaya ita ce a taɓa suna ɗaya a ga abin da zai motsa.

A mayar da 'ya'ya uku su zama 'ya ɗaya. Tana da rabi, wato 12 cikin 24. Yanzu akwai gurbi tsakanin rabi da sulusi biyu, kuma jika ce ke cika shi da sudusi, kamar yadda Ibn Mas'ud ya ruwaito hukuncin Annabi (SAW) a cikin Buhari. Jimillar sahami har yanzu 27 ce, amma jika ta zama magajiya, wasiyyarta kuma ta tsaya sai da yardar sauran magada. Idan ba su yarda ba, 2,430,000 za a raba duka. Gyaran mas'ala ya zama 54, sahami ya tashi a 45,000. Kowace mata 135,000, 'ya 1,080,000, jika da uba da uwa kowanne 360,000. Jikar da ta zama magajiya ta sami ƙasa da rabin abin da ta samu lokacin da take katangaggiya.

A koma tambayar farko a ƙara ɗa namiji guda. 'Ya'ya mata sun bar 2/3, sun koma cin ragowa tare da shi, namiji yana ɗaukar rabon mata biyu. Mata 3, uba 4, uwa 4, saura 13 ga 'ya'ya, kuma auli ya tafi. Kawunan 'ya'ya ana ƙirga su biyar ne, biyu na namiji da uku na mata, sai a ninka 24 da 10 a sami 240: ɗa 52, kowace 'ya 26. Amma idan tambaya ta ƙara cewa wannan ɗan shi ya kashe mahaifinsa da gangan, sai a goge shi kamar ba a ambace shi ba, amsar ta koma 162 ɗinta.

A cire uba kuma. 'Yan'uwa shaƙiƙai sun dawo a matsayin asaba. Mata 3, 'ya'ya 16, uwa 4, jimilla 23, sahami ɗaya da ya saura su biyun za su raba. Da su ma babu su, babu kuma wani asaba, sai a shiga babin raddi, wato mayar da ragowa ga ma'abota farali ban da miji da mata. A nan ne sanin mazhabar da aka gina tambayar a kai yake zama dole. Hanafiyya da Hambaliyya suna yin raddi. Asalin maganar Malik da Shafi'i kuwa ita ce ragowar ta tafi baitulmali, kodayake malaman mazhabobin biyu na baya sun karɓi raddi idan babu baitulmali mai tsari.

Abin da wannan ke nufi a wajen ɗakin jarrabawa

Kurakuran da ke cin maki a takarda su ne dai ke cin haƙƙin mutane idan an zo rabon gaskiya. Wanda ya auna sulusi da dukiyar da ba a fitar da bashi ba, ya ɗebe 190,000 daga hannun magada ba da yardarsu ba. Wanda ya soke wasiyyar jika ya hana marainiya 810,000 da kakanta ya yi mata tanadi. Wanda ya cika wa kowa kasonsa ya bar uba a ƙarshe, ya ba tsohon 67,500 a maimakon 240,000.

Akwai kuma ɓangaren fahimtar iyali. Matar da ta san tumuni ne haƙƙinsu ita da abokiyar zamanta, ta lissafa 101,250 a ranta, sai aka miƙa mata 90,000, tana da dalilin yin tambaya, kuma ba rashin kunya ba ne ta yi. Mai rabo ya kamata ya nuna mata cewa kowace 'ya ma ta sauko daga 360,000 zuwa 320,000, uba da uwa kuma kowanne daga 270,000 zuwa 240,000. Kowa an rage masa kashi ɗaya cikin tara na abin da yake tsammani, ba a fi ba, ba a gaza ba. Saboda wannan ne malaman fara'ili ke dagewa ɗalibi ya rubuta kaso, da dalili, da sahami kafin auli da bayansa, kowanne a gurbinsa, ya kuma rubuta sunayen waɗanda aka katange tare da wanda ya katange su, maimakon ya share su daga takarda kawai.